O, Ω, Θ ko ~: wacce za ka rubuta a gaban lokacin gudun furogiram ɗinka?

Idan ka gama rubuta furogiram aka tambaye ka yadda lokacin gudunsa zai ƙaru in bayanan da ake ba shi sun yi yawa, alamomi huɗu ne ke gabanka: O, da Ω, da Θ, da kuma ~. Yawancin masu rubuta furogiram O kaɗai suka riƙe, da ita suke amsa kowace tambaya, har ta zama kamar ita ce sunan fannin gaba ɗaya. Amma kowace ɗaya daga cikin huɗun nan alkawari ne daban da kake yi wa mai karanta bayaninka, kuma shi a kan wannan alkawari zai yanke shawara: ya yi amfani da aikinka ne, ko ya nemi wani. Saboda haka zaɓen alama na bukatar tambaya biyu kafin a ɗora hannu a kan madannai. Me na iya tabbatarwa? Kuma me mai karatun zai yi da abin da na gaya masa?

Maganar ba ta fitowa sosai in babu aiki a ƙasa, don haka ga matsala guda da za mu bi har ƙarshe. An ba ka jerin abubuwa guda n, ana so ka faɗa ko akwai abin da ya fito sau biyu a ciki. Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a gwada kowane abu da duk waɗanda ke bayansa:

```python
def akwai_maimai(a):
    n = len(a)
    for i in range(n):
        for j in range(i + 1, n):
            if a[i] == a[j]:
                return True
    return False
```

Ba daƙiƙa za mu ƙirga ba, domin daƙiƙa ta danganta da kwamfutar da aka yi gwajin a kanta. Abin da za mu ƙirga shi ne sau nawa aka yi gwajin `a[i] == a[j]`, tunda shi ne aikin da ake ta maimaitawa. In babu maimai ko ɗaya a jerin, abu na farko za a gwada shi da guda n − 1, na biyu da n − 2, haka har a zo na kusa da ƙarshe wanda za a gwada da guda 1 tak. Jimillar ita ce n(n − 1)/2. Ga jeri mai abu 1,000 gwaji 499,500 ke nan. Ga mai 2,000 kuwa 1,999,000. An ninka jerin sau biyu, aiki ya ninku sau huɗu da ɗan ɗoriya.

Amma kuma in abu na farko da na biyu iri ɗaya ne, gwaji ɗaya za a yi furogiram ya dawo da amsa, ko da jerin na ɗauke da abu miliyan goma. Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan ne rabin ruɗanin alamomin nan yake: furogiram ɗin ba shi da lokacin gudu guda ɗaya ga kowane n. Yana da mafi munin hali, yana da mafi kyawun hali, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa.

O: iyaka ta sama

Idan aka ce f(n) = O(g(n)), ana nufin akwai wata tsayayyar lamba c da wani mafari n₀, ta yadda daga n₀ zuwa sama f(n) ba ya taɓa wuce c·g(n). Shi ke nan. A misalinmu n(n − 1)/2 bai taɓa wuce n²/2 ba, to sai mu ɗauki c = 1/2 da n₀ = 1, mu rubuta O(n²). Alamar tsohuwa ce, daga masana lissafin lambobi ta fito. Paul Bachmann ya fara amfani da ita a 1894, Edmund Landau kuma ya yaɗa ta, tun kafin a ƙera kwamfuta irin wadda muka sani.

Ƙarfin O shi ne tana rufe dukkan shigarwa da jimla ɗaya. In na ce `akwai_maimai` O(n²) ne, gaskiya na faɗa ko da wane jeri ka kawo, mai maimai a farko ko marar maimai sam. Wanda zai ɗora furogiram a kan saba, yana so ya san cewa komai tsanani aikin ba zai wuce kaza ba, wannan ce alamar da yake bukata.

Rauninta kuma shi ne ba ta hana a yi sako-sako. n(n − 1)/2 ɗin nan O(n³) ne, kuma O(2ⁿ) ne, duk bisa ƙa'ida. Kamar a tambaye ka shekarun jariri ne ka ce bai kai ɗari ba: ba ka yi ƙarya ba, amma mai tambaya bai ƙaru da komai ba. Daga nan ne kuskuren da na fi gani yake tasowa. Mutum zai ce hanya ta farko O(n²) ce, ta biyu O(n log n) ce, saboda haka ta biyu ta fi sauri. Daga waɗannan jimloli biyu kaɗai wannan hukunci bai fito ba. Mai yiwuwa ta farkon a zahiri aikin n take yi, wanda ya auna ta ne bai matse iyakar ba. O ba ta iya nuna cewa abu yana da nawa. Iyakarta ta ce bai fi kaza nawa ba. Haka kuma jimla irin "wannan aƙalla O(n²) ne" ba ta ɗauke da ma'ana ko kaɗan, don daidai take da a ce "aƙalla bai wuce kaza ba", wanda kowane furogiram a duniya ya cika.

Θ: an matse ta sama da ta ƙasa

Abin da mutane ke nufi sau da yawa in sun rubuta O shi ne Θ. f(n) = Θ(g(n)) na nufin akwai lambobi biyu c₁ da c₂, dukkansu sama da sifili, ta yadda daga wani n₀ zuwa sama f(n) na tsakanin c₁·g(n) da c₂·g(n). Donald Knuth ne ya tsayar da wannan amfani ga masu ilimin kwamfuta a wata gajeriyar maƙala ta 1976, kuma dalilinsa shi ne abin da muka gani yanzu: mutane na ɗora wa O nauyin da ba nata ba.

Mu yi lissafin a fili. Ta sama mun riga mun samu, c₂ = 1/2. Ta ƙasa muna neman c₁. Gwada 1/4: shin n(n − 1)/2 ya kai n²/4? Ninka ɓangarorin biyu da 4, ka raba da n, sai tambayar ta koma ko 2(n − 1) ya kai n, wato ko n ya kai 2. To daga n₀ = 2 zuwa sama, adadin gwajin na tsakanin n²/4 da n²/2. Mafi munin halin `akwai_maimai` Θ(n²) ne. Yanzu babu mai iya cewa n³ ne, kuma babu mai fatan cewa a ɓoye n ne.

Ka lura da kalmomin da na sa a gaban alamar: mafi munin hali. Ba ado ba ne. In na cire su na ce kawai "`akwai_maimai` Θ(n²) ne", na faɗi abin da ba daidai ba, domin akwai jeri mai tsawon n da yake gamawa da gwaji ɗaya. Jimloli na gaskiya su ne: mafi munin hali Θ(n²), mafi kyawun hali Θ(1), sannan a kan kowace shigarwa O(n²). A nan ake ganin inda O ta fi Θ dacewa. In kana son jimla ɗaya da ta shafi dukkan shigarwa, kuma halayen sun bambanta, O ce za ta iya ɗaukar ta, ba Θ ba. In kuma ka yarda ka ambaci halin da kake magana a kai, Θ ta fi ta ba da labari nesa ba kusa ba.

Ni dai a duk inda na iya tabbatar da ɓangarorin biyu, Θ nake rubutawa tare da sunan halin, kuma ita nake ba da shawarar a riƙa. Dalili shi ne da Θ ne kwatance ke halatta. In mafi munin halin hanya ɗaya Θ(n²) ne, na ɗayar kuma Θ(n log n), to lallai akwai girman n da daga shi ta biyun za ta yi ta cin ta farko a mafi munin hali, har abada. Wannan magana ce tabbatacciya, ba zato ba.

Kuma tabbatar da Θ ga mafi munin hali bai kai wahalar da ake tsammani ba, in an gane cewa rabin aikin biyu ba iri ɗaya ba ne. Don iyakar sama dole hujjarka ta rufe kowace shigarwa. Don iyakar ƙasa kuwa ya isa ka nuna jeri ɗaya ga kowane n wanda ke tilasta wa furogiram yin wannan aikin. A namu jerin 1, 2, 3 har zuwa n ya wadatar: babu maimai a ciki, dole a zagaye dukkan gwaje-gwajen.

Ω, da wani ruɗani da ya yaɗu

f(n) = Ω(g(n)) na nufin daga wani n₀ zuwa sama f(n) ba ya sauka ƙasa da c·g(n), ga wata lamba c sama da sifili. Iyaka ta ƙasa ke nan, kuma Θ ba komai ba ce illa O da Ω a haɗe a kan g ɗaya. (Mai karanta littattafan lissafin lambobi zai gamu da wata Ω ta Hardy da Littlewood, ta 1914, wadda sharaɗinta ya fi sauƙi: ya isa abin ya faru ga n marasa iyaka, ba sai ga dukkan manyan n ba. A fannin kwamfuta ta Knuth ake nufi.)

Ruɗanin shi ne koyarwar da ke cewa O ta mafi munin hali ce, Ω ta mafi kyawun hali, Θ kuma ta matsakaicin hali. Wannan ba haka yake ba, kuma yana ɓata wa ɗalibai tunani na tsawon lokaci. Abu biyu ne daban aka cakuɗa. Hali yana gaya maka wane lokacin gudu ake aunawa: na shigarwa mafi wuya, ko mafi sauƙi, ko matsakaicin duka. Alama kuma tana gaya maka wace irin iyaka aka sa wa abin da ake aunawar. Kowane hali na iya ɗaukar kowace alama. Ɗazu-ɗazu muka nuna cewa mafi munin hali Ω(n²) ne, da c = 1/4. Mafi kyawun hali kuma O(1) ne. Babu abin da ya karye.

To ina amfanin Ω ita kaɗai? Amfaninta na farko shi ne yanke wa wata hanya hukunci. In kana son gamsar da abokin aiki cewa furogiram ɗinsa ba zai ɗauki manyan bayanai ba, O ba za ta yi maka ba, Ω kake bukata, tare da shigarwar da ke jawo ta. Amma inda ta fi nuna kanta shi ne in maganar ta tashi daga furogiram guda ta koma kan matsalar kanta: duk wata hanya da za a ƙirƙiro, ba za ta yi ƙasa da kaza ba.

Matsalarmu tana da kyakkyawan misali. Ka ɗauka abubuwan da ke jerin ba a iya yi musu komai sai tambaya ɗaya: wannan da wancan iri ɗaya ne? Ba a iya cewa wanne ya fi girma, ba a iya mayar da su lamba. Sai ka zama abokin hamayyar furogiram, duk gwajin da ya yi ka amsa masa da a'a. In ya tsaya ya ce babu maimai alhali akwai wasu abubuwa biyu da bai gwada da juna ba, sai ka ce ai waɗannan biyun iri ɗaya ne. Babu amsar da ka bayar a baya da ta ci karo da wannan, kuma furogiram ɗin ya yi kuskure. Don haka duk furogiram mai ba da amsa daidai dole ya gwada kowane biyu-biyu a mafi munin hali, wato n(n − 1)/2 cif. A ƙarƙashin wannan sharaɗi matsalar Ω(n²) ce, kuma ɗan furogiram ɗinmu na sama babu wanda zai fi shi.

Sai dai da zarar an sauya sharaɗin, iyakar ta rushe. In ana iya tambayar wanne ya fi girma, sai a jera abubuwan daga ƙarami zuwa babba, masu kama da juna su zo maƙwabta, a bi jerin sau ɗaya ana duba kowane abu da na kusa da shi:

```python
def akwai_maimai_2(a):
    b = sorted(a)
    return any(b[i] == b[i + 1] for i in range(len(b) - 1))
```

Jerawar na cin Θ(n log n) a mafi munin hali, bin jerin kuma n − 1, wanda ke nutsewa a cikin na farko. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ga abu 1,000,000, hanyar farko kusan gwaji biliyan 500 za ta yi, ta biyu kuwa wajen miliyan 20, tunda log₂ na miliyan ɗaya ya kusa 20. In muka ƙaddara kwamfuta na yin gwaji miliyan 100 a daƙiƙa, ta farko ta haura awa ɗaya da minti 20, ta biyu kuma kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Abin koyo ga mai rubuta Ω shi ne ba ta tsayawa ita kaɗai. Dole ka faɗi irin ayyukan da aka yarda furogiram ya yi. In ka ga an rubuta cewa wata matsala Ω(kaza) ce ba a ambaci wannan ba, tambaya ta farko ita ce: da wane irin aiki? Shahararriyar iyakar nan ta Ω(n log n) ga jera abubuwa ita ma haka take, ta shafi hanyoyin da ke dogara ga gwada abu biyu ne kawai.

Inda Θ ta makance, sai ~

Yanzu ka ɗauka wani ya rubuta hanyar farko da ɗan sakaci: zagayen ciki ya zama `for j in range(n)`, ya ƙara sharaɗin `i != j`. Amsa daidai za ta fito, amma kowane biyu-biyu sau biyu za a gwada su, jimilla n(n − 1). Ga abu 1,000 gwaji 999,000 maimakon 499,500. Θ ba za ta ga wannan ba. Duka biyun Θ(n²) ne, don an gina alamar ne musamman ta haɗiye tsayayyun lambobi. Wannan haɗiyewar ce ke sa maganar Θ ta tsaya a kan kowace kwamfuta da kowane yaren furogiram, amma ita ce kuma ke hana ta raba hanyoyi biyu da ɗaya ke cin ninkin lokacin ɗayar.

f(n) ~ g(n) na nufin in ka raba f(n) da g(n), sakamakon na matsowa zuwa 1 yayin da n ke girma. Ana zubar da ƙananan sassa, amma ana riƙe lambar da ke gaban babban sashe. Ta farko ~ n²/2 ce, ta mai sakaci ~ n². Ga n = 1,000, n²/2 na ba da 500,000 a inda ainihin adadin yake 499,500, kuskuren kashi ɗaya cikin dubu ke nan, kuma yana ƙara raguwa in n ya ƙaru. Robert Sedgewick na cikin waɗanda suka dage a kan wannan alama wajen koyarwa, saboda da ita ake iya hasashen adadi na gaske.

Tana da tsada. Dole ka faɗi ainihin abin da kake ƙirgawa, gwaji ne, ko musanya, ko leƙa ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin kowanne da lambarsa. Ba ka cewa lokacin gudu ~ n²/2, sai dai adadin gwaji ~ n²/2. Kuma gindin logaridim, wanda O da Θ ba su damu da shi ba tunda log₂ n da ln n tsayayyar lamba ce kawai ke tsakaninsu, kusan 1.44, a nan dole a rubuta shi: ~ n log₂ n da ~ n ln n maganganu biyu ne daban. Ga furogiram mai rassa da yawa, fitar da wannan lamba aiki ne babba, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Shi ya sa ba ita ce ta kullum ba. Ka ɗauko ta in hanyoyin da kake zaɓa a tsakaninsu sun riga sun faɗo cikin Θ ɗaya.

Akwai wuri na biyu da tsayayyar lamba ke da nauyi, wato in n ƙarami ne. Hanya mai aikin 100n da mai aikin n²/2 suna haɗuwa a n = 200, kuma ƙasa da nan mai n² ɗin ce ke gaba. Alamomin nan dukkansu magana suke a kan abin da ke faruwa bayan n₀, ba su ce uffan a kan abin da ke kafinsa ba. Wannan ne ya sa `sorted` na Python kansa, in jerin bai kai abu 64 ba, yake amfani da hanyar saka kowane abu a gurbinsa ɗaya bayan ɗaya, wadda ga manyan jeri aikin n² ce. In bayananka ba za su taɓa wuce 'yan gomomi ba, agogo zai fi kowace alama gaya maka gaskiya.

Ƙananan o da ω ba sai an daɗe a kansu ba. f = o(g) na nufin f/g na tafiya zuwa sifili, wato g ya tsere wa f kwata-kwata: n log n = o(n²), amma n²/2 ba o(n²) ba ne. ω ita ce kishiyarta. Suna da amfani a cikin hujjar lissafi. A bayanin furogiram na yau da kullum da wuya ka bukace su.

Hanya ta uku, wadda alama ɗaya ba ta isar mata

Ga hanyar da gogaggen mai rubuta Python zai fi ɗauka:

```python
def akwai_maimai_3(a):
    gani = set()
    for x in a:
        if x in gani:
            return True
        gani.add(x)
    return False
```

Kowa zai ce O(n), kuma a mafi yawan lokuta haka abin yake gudana. `set` na lissafa wata lamba daga kowane abu da `hash`, ya yi amfani da ita ya nufi gurbin abin kai tsaye, ba tare da bin sauran ba. Muddin lambobin sun warwatsu, `x in gani` aiki ne da bai danganta da n ba. Amma wannan "muddin" ɗin sharaɗi ne, kuma ana iya karya shi. A CPython na kwamfuta mai bit 64, `hash` na cikakkiyar lamba shi ne ragowar da ta bari in an raba ta da 2⁶¹ − 1. Don haka wannan jeri:

```python
a = [k * (2**61 - 1) for k in range(n)]
```

ba shi da maimai ko ɗaya, amma kowane abu a cikinsa `hash` ɗinsa 0 ne. Duk sabon abu sai ya yi karo da dukkan waɗanda suka riga shi shiga, aikin ya koma Θ(n²) kamar hanyar farko. Bayani na gaskiya a nan jimla biyu ne: Θ(n) ake tsammani ga jeri marar maimai in lambobin `hash` sun warwatsu, mafi munin hali kuma Θ(n²). In kai ne ke samar da bayanan, jimlar farko ce ta shafe ka. In kuwa daga waje suke zuwa, daga mutanen da wani cikinsu zai iya zaɓar su da gangan don ya durƙusar da sabarka, ta biyun ce, kuma a nan hanyar jerawa mai Θ(n log n) a mafi munin hali na iya zama zaɓin da ya fi kwanciyar hankali duk da ta fi nawa a ranakun lafiya. Wanda ya rubuta O(n) kawai ya ɓoye wa mai karatu ainihin abin da zai yanke shawara a kai.

Wani abin lura a wannan furogiram: in aka sauya `set()` zuwa `[]`, aka sauya `add` zuwa `append`, siffar rubutun ba ta canza ba, zagaye ɗaya ne a ido. Amma `x in gani` a kan `list` bin jerin yake yi ɗaya bayan ɗaya, zagaye na biyu ke nan a ɓoye, kuma mafi munin hali ya koma Θ(n²). Ƙirga `for` nawa ke cikin juna ba ya wadatarwa, sai an san kuɗin kowane layi.

Hanyar kama irin wannan ita ce gwajin ninkawa. Ka shirya jeri marar maimai, ka auna lokaci a n, sannan a 2n, sannan a 4n, ka raba kowane lokaci da wanda ka auna kafinsa. In rabon na zama kusa da 2, aikin n ne. Kusa da 4, n² ne. Kusa da 8, n³. Na n log n yana ɗan haura 2: daga 1,000 zuwa 2,000 lissafi na ba da kusan 2.2, kuma yana matsowa 2 a hankali in n ya girma, shi ya sa raba shi da n ta hanyar agogo kaɗai ke da wuya. Ka fara da n mai girman da gudun zai ɗauki aƙalla wani yanki mai kauri na daƙiƙa, in ba haka ba hayaniyar sauran ayyukan kwamfuta za ta rufe sakamakon. Kuma kada ka yi mamaki in rabon ya yi tsalle a wani girma sannan ya dawo, don sau da yawa alama ce cewa bayanan sun fi ƙarfin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke jikin furosesa, ba wai tsarin aikin ya canza ba. Gwajin ba hujja ba ne, shigarwar da ka ba shi kawai yake aunawa, kuma jerin nan na 2⁶¹ − 1 ba zai taɓa fitowa daga lambobin da aka zaɓa barkatai ba. Amma in ka rubuta Θ(n) sannan rabon ya nace a kan 4, bincikenka ne ke da gyara.

Saura abu ɗaya da kowace alama ta dogara a kai, wato mene ne n. Duk lissafin da muka yi mun ɗauka gwada abu biyu aiki ɗaya ne. Ga ƙananan lambobi haka ne. In kuwa abubuwan dogayen rubutu ne, kowanne mai harafi m, kuma suna kama da juna har kusa da ƙarshe, gwaji ɗaya na iya cin aikin m. Mafi munin halin hanyar farko ya zama Θ(n²·m), ita kuma hanyar `set` dole ta karanta kowane rubutu gaba ɗaya kafin ta fitar da `hash` ɗinsa, wato n·m tun kafin a yi maganar karo. In m ɗan ƙarami ne kuma yana da iyaka, kamar lambar rajista mai harafi goma, ana iya barinsa ya nutse cikin tsayayyar lamba. In kuwa abubuwan fayil-fayil ne da girmansu ke iya kai komai, dole m ya fito a cikin alamar, kuma layin da za ka rubuta a saman furogiram ɗin ya zama kamar haka: n adadin fayil, m tsawon mafi girma a cikinsu, mafi munin hali Θ(n²·m) in ana ƙirga gwajin harafi da harafi.